Layukan tablo sun ƙi daidaita bayan na kwafo su, wani kauri wani siriri

Tanti_Hadiza: Assalamu alaikum, sannunku da aiki. Ina da sakatariya a Sabon Gari, wata ɗalibar jami'a ta kawo mini memuwar ɗinta, wato kundin bincikenta na kammala karatu, in gyara in buga. A ciki akwai tablo 14. Wasu ita ta yi su a Word, wasu ta ɗebo daga Excel, wasu kuma daga takardar abokin karatunta. Wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne na farashin hatsi da wake a kasuwannin Dole, Mirya, Matamaye da Magarya: kolon 6, jeri 12. Jeri 7 na sama layukansu sirara ne, 5 na ƙasa waɗanda aka liƙo daga Excel sun fi kauri, layin da ke ƙarƙashin jimla kuwa kamar an ja shi da maka. Na haskaka tablon duka, na zaɓi kaurin layi ½ pt a sama, ko gezau. Word 2016 ne na Faransanci. Jibi za ta kai wa malaminta. Yaya ake mayar da su bai ɗaya?

Ɗan_Birni: Wa alaikumus salam Tanti. Abu mai sauƙi. Danna cikin tablon, ki shiga Création, ki zaɓi Grille du tableau a jerin hotunan nan na sama. Shi ke nan, duk za su koma siriri.

Tanti_Hadiza: Na yi wannan tun da safe, ƙanena. Na sama dama haka suke, na ƙasa ba su motsa ba.

Sanusi_Karkada: Ni dai idan tablo ya fara mini wannan taurin kai sai in share shi in sake bugawa da hannu. Jeri 12 nawa yake? Kafin a dafa shayi kin gama.

Tanti_Hadiza: Ɗaya ne na ba da misali, Sanusi, 14 ne. Kuma lambobi ne na binciken mutum, in na sake bugawa na mayar da 350 ta zama 530 wa zai ɗauki laifin?

Mushe_Ilya: Hajiya Hadiza, kada ki sake buga komai. Abin da Ɗan_Birni ya faɗa ba ƙarya ba ne, amma rabin zancen ne. A Word layin tablo yana iya samun kaurinsa daga wuri uku. Akwai salon tablon, irin su Grille du tableau, wanda ke ba kowane layi ½ pt. Akwai abin da aka saka wa tablon gaba ɗaya da hannu. Sannan akwai abin da aka saka wa gida ɗaya ɗaya. Na gida shi ne mai ƙarfi, yana danne sauran biyun. To idan aka kwafo daga Excel, kowane gida yana zuwa da layukansa huɗu a rataye a wuyansa. Shi ya sa kika canza salo ba su ji ba: salon yana ƙasa, nasu yana bisa.

Dalilin da ½ pt ɗin da kika zaɓa a sama bai yi aiki ba kuma daban ne. Wannan wurin alƙalami kawai yake canzawa, ba ya taɓa layin da ke nan. Ba ki lura linzamin ya koma kamar ɗan burushi ba? Jira yake ki ja shi kan layi.

Ga yadda za ki yi. Kai linzami kan tablon, ɗan akwati mai kibiyoyi huɗu zai fito a kusurwar hagu ta sama, danna shi don tablon duka ya haskaka. Buɗe ƴar kibiyar da ke ƙarƙashin Bordures, ki zaɓi Aucune bordure. Layuka za su ɓace duka, kada gabanki ya faɗi, rubutun na nan. Sai ki koma wannan kibiyar, can ƙasa ki shiga Bordure et trame. A tsakiya zaɓi layi guda miƙaƙƙe, Couleur ki bar shi Automatique, Largeur ki sa ½ pt. A dama ƙasa, wajen Appliquer à, tabbatar Tableau ne. Sannan a jerin hagu danna hoto na uku daga sama, wanda ke zana ciki da waje duka. OK.

Tanti_Hadiza: To Mushe, me ya sa sai na fara gogewa? Ba zan iya shiga Bordure et trame kai tsaye ba?

Mushe_Ilya: Za ki iya, sau da yawa ma yana yi. Amma idan layukan a gauraye suke, tagar tana buɗewa ne a kan Personnalisé, kuma a wannan halin in kin canza Largeur kin danna OK babu abin da zai canza, sai kin bi layukan ɗan hoton da ke dama kin danna su ɗaya bayan ɗaya. Nan mutane da yawa ke cewa Word ɗinsu ya lalace. Dubi ɗan hoton ma kafin ki goge: duk layin da ya fito toka-toka maimakon baƙi, Word na gaya miki ne a wannan gefen kaurin ba ɗaya ba ne. Gogewa tukuna tana share duk wannan, ki fara daga fili.

Zara_UAS: Ni ma memuwar nake, na bi wannan yanzu amma sai na waje ya yi kauri na ciki ya tsaya siriri. Na sa 1 pt.

Mushe_Ilya: Zara, Quadrillage kika danna, na huɗu. Shi haka aka yi shi: kaurin da kika zaɓa yana ba kewayen waje ne, na ciki ya bar su sirara. Koma ki danna na bisansa.

Zara_UAS: Wallahi shi ne. Na gode Mushe.

Abba_Kano_Line: Don masu irin tawa na'urar, ni a Kano na sayo ta, Turanci take. Bordure et trame shi ne Borders and Shading, na ukun nan All ne, na huɗu Grid, Appliquer à kuma Apply to. Ɗan_Birni kuma da ya danna hoton salon da maɓallin dama na linzami zai ga Apply (and Clear Formatting). Wannan yana gogewa ya saka salo a bugu ɗaya. Sai dai ba layuka kaɗai yake gogewa ba, gyaran da aka yi wa rubutun ma yana iya tafiya, don haka a duba kan tablon bayan an yi.

Ɗan_Birni: Kun gani, ashe hanyata ma tana kaiwa.

Sanusi_Karkada: Tana kaiwa in an ɗauko ka a kabu-kabu rabin hanya.

Hajiya_Mariama_Zango: Sannunku. Ni matsalata kusan irin wannan ce. Akwai wasu layuka ɗigo-ɗigo shuɗaye a tablona, ina ganinsu a ordinata amma in na buga ba sa fitowa. Injin bugawar ne tawada ta ƙare?

Abba_Kano_Line: A'a Hajiya, tawadarki lafiya lau. Waɗannan ba layuka ba ne, alama ce kawai Word ke nuna miki inda gidaje suke a tablon da ba shi da zane. Ba a buga su ko a wane inji. In kina son su fito ki bi abin da Mushe ya ce. A Excel ma haka: layukan nan masu toka da ke cika shafi ba zane ba ne.

Hajiya_Mariama_Zango: To madalla, har na aika yaro ya tambayo kuɗin tawada.

Tanti_Hadiza: Mushe, Allah ya saka da alheri, na yi yadda ka ce. Jeri 5 na ƙasa sun daidaita da na sama. Amma layin ƙarƙashin jimla yana nan da kaurinsa. Abin mamaki, lokacin da na danna Aucune bordure duk suka ɓace, shi kaɗai ya tsaya.

Mushe_Ilya: Wannan da kika faɗa shi ne amsar. Layin da Aucune bordure bai ɗauke ba, ba na tablo ba ne. Ƙara zum zuwa 300% ki duba shi da kyau. Yana taɓa layukan tsaye na hagu da dama, ko akwai ɗan fili tsakaninsu?

Tanti_Hadiza: Akwai ɗan fili, a kowane gida ya yanke kafin ya kai bango. Kuma yanzu da na ƙara girma ina ganin layi biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, kusa da juna sosai.

Mushe_Ilya: To zane ne na sakin layi, wato na rubutun da ke cikin gidan. Wani ya haskaka lambobin kawai, ba gidajen ba, ya ja musu layi a ƙasa, Word ya ɗora shi kan rubutun. Yana zaune dab da layin tablon, daga nesa su biyun su zama kamar guda mai kauri. Sa linzami cikin gida ɗaya, haskaka lambar kawai, buɗe Bordure et trame, a Appliquer à zaɓi Paragraphe, danna hoto na farko a hagu wanda ba shi da zane, OK. Ki shiga gida na gaba ki danna F4, yana maimaita aikin da kika yi na ƙarshe. A wasu ƙananan na'urori sai an haɗa Fn da F4.

Laminu_Infor: Ko ta haskaka jerin duka ta danna Ctrl+Q, ya fi sauri.

Mushe_Ilya: Yana yi, Laminu, amma Ctrl+Q duk gyaran sakin layi yake kwashewa. Lambobin da aka jera a dama ko a tsakiya za su koma hagu, sai ta sake jera su. A gida 6 ba komai, zaɓi ya rage nata.

Tanti_Hadiza: Na yi da F4. Ya tafi, alhamdulillahi.

Ustaz_Habu: Ni ina da tambaya ga masu ilimin abin. Gida biyu suna maƙwabtaka, layi ɗaya ne tsakaninsu. In na sama ya ce ƙasansa ½ pt, na ƙasa ya ce bisansa 1 ½ pt, wanne ake bi?

Laminu_Infor: Mai kauri ke ci, Ustaz, kamar katangar da ke tsakanin gida biyu, wanda ya fi zuba ƙasa tasa ake gani. Shi ya sa wani lokaci ka haskaka jeri ɗaya ka rage layinsa, amma ka ga bai ragu ba, domin jerin da ke maƙwabtaka da shi yana riƙe da nasa. In gyaran layi ɗaya za ka yi, haskaka jerin biyu tare. In kuma kana son sanin kaurin da gida yake ɗauke da shi ba tare da zato ba, sa linzami a ciki ka danna Shift+F1, taga za ta buɗe a dama ta rubuto maka kaurin kowane gefe.

Game da inda bambancin ke fitowa: Excel ba ya ba ka lamba, siriri ne da matsakaici da mai kauri. In an liƙa a Word siririn yakan zo ½ pt, matsakaicin 1 pt, mai kaurin 1 ½ pt. Tablon Google Docs kuwa da 1 pt yake farawa. Word na ½ pt. Kun ga takarda ɗaya da hannu uku ya taɓa dole ta yi dabbare-dabbare.

Zara_UAS: Haka ne wallahi, mu a rukuninmu ɗaya a waya yake rubutu, ɗaya a Google Docs, ni a Word, sai a tura mini in haɗa.

Sanusi_Karkada: Tanti, irin wannan aikin ki ƙara mata kuɗi. Wannan ba buga shafi ba ne, gyara ne. Mu a nan tablo farashinsa daban da rubutu.

Tanti_Hadiza: Ƴar maƙwabta ce Sanusi, uwarta ƙawata ce. Ka san yadda abin yake.

Sanusi_Karkada: Na sani, shi ya sa har yau ban sayi injin janareto ba.

Laminu_Infor: Tanti, tunda 13 suka rage, ga gajeriyar hanya. Ajiye kwafin takardar da wani suna tukuna. Danna Alt+F11, Insertion, Module, liƙa wannan, danna F5:

```
Sub DaidaitaLayuka()
  Dim t As Table
  For Each t In ActiveDocument.Tables
    t.Borders.Enable = False
    t.Borders.InsideLineStyle = wdLineStyleSingle
    t.Borders.OutsideLineStyle = wdLineStyleSingle
    t.Borders.InsideLineWidth = wdLineWidth050pt
    t.Borders.OutsideLineWidth = wdLineWidth050pt
  Next t
End Sub
```

Abin da Mushe ya ce ne daidai, gogewa sannan sakawa, sai dai yana bin tablo duka da kansa.

Mushe_Ilya: Laminu, aikinka yana da kyau amma ban ba ta shawarar sa ba a memuwar. Shafin farko na memuwar kusan kullum da tablo marar zane ake jera shi: sunan ɗalibi a hagu, sunan malami mai duba aiki a dama, tambarin jami'a a sama. Jerin gajerun sunaye ma haka. Wannan abin naka bai san wanda aka ɓoye da gangan ba, duk zai zana musu layi. Kuma ba ya taɓa zanen sakin layi irin wanda muka cire ɗazu, ba ya shiga tablon da ke cikin wani tablo.

Laminu_Infor: Gaskiya ne, amma shafin farko ɗaya ne, sai ta koma ta goge nasa. Goge ɗaya ya fi gyara 13.

Mushe_Ilya: In ta san duk inda suke. Ni na fi yarda da idona: haskaka tablo, yi gyaran, wuce na gaba. In tablo 80 ne na rahoton ofis, to, sai in kira ka.

Abba_Kano_Line: Ku biyun duk kuna da gaskiya, ku bar Tanti ta zaɓa.

Nana_Garin_Malam: Ni nawa layukan biyu-biyu suke fitowa ko'ina, kowane gida da akwatinsa. Daga shafin intanet na kwafo. Na bi hanyar Mushe, sun yi siriri amma har yanzu biyu ne.

Mushe_Ilya: Nana, naki tazara ce aka bari tsakanin gidaje, tablon intanet yakan zo da ita. Danna dama cikin tablon, Propriétés du tableau, Options, cire alamar da ke kan Autoriser l'espacement entre les cellules. Gidajen za su manne, layi biyu su zama ɗaya.

Tanti_Hadiza: Jama'a na dawo. Na bi su da hannu duka 14, a Word sun yi kyau. Amma da na mayar da takardar PDF don in tura mata ta gani, sai ga wasu layuka sun sake yin kauri, wasu kamar za su ɓace. Aikin banza na yi ke nan?

Ɗan_Birni: Tanti ina jin PDF ɗin ne ya dawo da na Excel. Sake yi.

Laminu_Infor: A'a, kada ta sake komai. PDF ba shi da inda zai samo tsohon kauri. Tanti, gwada wannan: ki lura da layi ɗaya mai kauri, misali na jeri na 4. Canza zum daga 100% zuwa 125%, sannan 150%. Shi ne dai mai kaurin, ko kaurin ya koma wani layi?

Tanti_Hadiza: Ya koma! A 125% na 4 ya yi siriri, na 6 da na 9 suka yi kauri. A 400% duk ɗaya suke.

Laminu_Infor: To takardarki lafiya take, fuskar na'urar ce. Ita da ƙananan ɗigo take zana komai, kuma ba ta iya kunna rabin ɗigo. A lissafin da aka saba inci ɗaya ɗigo 96 ne, shi kuma pt kashi ɗaya ne cikin 72 na inci. Ke nan ½ pt bai kai ɗigo ɗaya ba, kashi biyu cikin uku ne. Layin da ya faɗa daidai kan jerin ɗigo sai ya fito siriri, wanda ya faɗa tsakanin jeri biyu sai a shafa shi a kan biyun ya yi kamar mai kauri. Kin canza zum, wurin faɗuwarsu ya canza. Injin bugawa mai ɗigo 600 a inci kuwa yana ba wannan layin ɗigo 4, babu wannan rikici. Buga shafi ɗaya ki gani. Idan Adobe Reader kike buɗewa da shi, a Preferences, Page Display, akwai Enhance thin lines, cire alamarsa yakan rage abin. Amma a na'urarki kaɗai zai gyaru, ba a ta malamin ba.

Ustaz_Habu: Ke nan ƙa'idar ita ce: kaurin da ya tsaya wuri ɗaya duk yadda aka yi zum na gaske ne, wanda ke yawo na ido ne?

Laminu_Infor: Haka ne Ustaz.

Zara_UAS: To in malamin a PDF zai karanta fa? Namu a waya ma yake dubawa. Ba zan iya ce mishi ya ƙara zum ba.

Abba_Kano_Line: Sa ¾ pt maimakon ½. A lissafin Laminu ¾ pt ɗigo ɗaya ne cif a 100%, yawon yana raguwa.

Mushe_Ilya: A 100% kaɗai, Abba, kuma wa ke karanta PDF a 100% a waya? Yana ɗan taimakawa, ban musa ba, amma tablo mai jeri da yawa in an buga shi da ¾ ko 1 pt sai ya yi duhu, lambobi su nutse cikin layuka. Ni a takardar da za a buga ½ nake bari. Kai, da ni ne ma mai memuwar ɗin, layukan tsaye duk cire su zan yi, in bar ɗaya a sama, ɗaya ƙarƙashin kan tablo, ɗaya a ƙasa.

Sanusi_Karkada: Mushe, kawo wa mutanen nan tablo babu layukan tsaye su ce injinka ya lalace, su ƙi biya.

Tanti_Hadiza: Na buga shafin, a takarda duk ɗaya suke. Na gode muku ƙwarai. Wata tambaya don gaba: yaya zan liƙa tun farko kada abin ya faru?

Mushe_Ilya: Da kin danna Ctrl+V ɗan hoto yana fitowa a gindin abin da kika liƙa. Buɗe shi ki zaɓi Utiliser les styles de destination maimakon Conserver la mise en forme source. In jeri kike ƙarawa cikin tablon da ke nan, kamar yadda ɗalibarki ta yi da 5 ɗin nan, ya fi kyau ki fara ƙara jerin babu komai a tablon Word, ki haskaka gidajen daidai yawan waɗanda kika kwafo, ki liƙa, sannan ki duba layukan nan take tun suna kaɗan.

Laminu_Infor: Wanda ya fi tsabta: Conserver uniquement le texte, sannan haskaka rubutun, Insertion, Tableau, Convertir le texte en tableau. Ba ya zuwa da ko layi ɗaya na waje. Sai dai gidajen da aka haɗe za su warware, a sake haɗa su.

Nana_Garin_Malam: Mushe nawa ya gyaru a ordinata. Amma na buɗe a manhajar WPS a waya, layin ƙarshe na tablon da ya tsallaka shafi na biyu ba ya nan. Na waya ne ko na takarda?

Abba_Kano_Line: Mayar da shi PDF a ordinatar ki tura wayar ki duba. In yana nan a PDF, WPS ne.

Nana_Garin_Malam: An ɗauke wuta, batirin ordinatar kuma ba ya riƙewa. In ta dawo zan gwada in faɗa muku.

Tanti_Hadiza: Yarinyar ta zo yanzu ta ga aikin. Wai malaminta ya ce layin ƙarƙashin kan tablo da na bisan jimla su ɗan fi sauran kauri, a duka 14. Mushe, wannan ɗan burushin na ɗazu shi zan ja da 1 pt, ko akwai hanyar da ta fi?

Laminu_Infor: Gyara salon tablon sau ɗaya ya fi, duka su bi.

Mushe_Ilya: Ba za su bi ba Laminu, yanzu layukan da hannu muka saka su, suna bisa salon. Hajiya, sa alƙalamin a 1 pt, haskaka jerin farko, Bordures, Bordure inférieure. Jerin jimla kuma Bordure supérieure. Ki gama na kai duka 14 da F4 tukuna, sannan ki dawo kan na jimla.